Kwandala, Waya da Tsagar Bango: Yadda Mai Gida a Domayo Zai Gane Ko Gininsa Yana Motsi

A Domayo, unguwar da ke gefen Mayo Kaliao a Marwa, da wuya ka ratsa layi guda ba ka ga katanga ko bangon ɗaki mai tsaga ba. Haka abin yake a unguwanni da yawa na Garwa. Abin da mutane suka saba yi yanzu shi ne su ɗauki hoton tsagar da waya, su tura wa birkila ko wani ɗan'uwa da ya karanci aikin gini, su tambaye shi ko akwai haɗari. Wanda aka tura wa kuwa ba shi da amsar kirki, domin hoto shi kaɗai ba ya faɗin girman abu. Tsagar da ba ta fi kaurin zare ba, idan aka matso da waya kusa, sai ta cika allo; wadda yatsa zai shige ta kuma, idan aka ja baya, sai ta koma kamar zanen fensir. Maganin wannan shi ne a sa wani abu da aka san girmansa a gefen tsagar kafin a ɗauka, kuma abin da ya fi kusa da hannun kowa shi ne kuɗin ƙarfe.

Sai dai tambayoyi biyu ne a nan, kuma ana yawan haɗa su. Ta farko ita ce faɗin tsagar nawa ne a yau. Ta biyu ita ce ko tana ƙaruwa. Kwandala tana amsa ta farko daidai gwargwado. Ta biyun ce ta fi muhimmanci, kuma ba a amsa ta sai an haɗa da alamu a jikin bango, da haƙurin jiran rani da damina su zagayo.

Me ya sa bango ke tsagewa a wannan yanki

Filayen Diyamare da ke kewaye da Marwa sun shahara da baƙar ƙasar nan mai yumɓu da ake kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Halinta shi ne ta kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe. Wanda ya taɓa ratsa gonar masakwa da rani ya ga ramukan da ƙasar ke buɗewa. A cikin gari ƙasar ba iri ɗaya ba ce: kusa da rafi akwai yashi da laka da ruwa ya tara, wani filin kuma yumɓun ne ya fi yawa, wani an cike shi da ƙasar da aka kwaso daga wani wuri. Gida biyu maƙwabta za su iya zama a kan ƙasa iri biyu.

Ruwan sama a Marwa yana kaiwa kimanin milimita 800 a shekara, a Garwa kuma kusan 1000, kuma kusan dukkansa yana sauka ne cikin 'yan watanni, mafi yawa tsakanin Yuni da Satumba. Daga nan sai wata bakwai ko takwas na fari, da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙasar da ke ƙarƙashin tsakiyar ɗaki tana riƙe da danshinta, amma wadda ke ƙarƙashin bangon waje tana jiƙewa tana bushewa kowace shekara. Saboda haka gefen gini yakan ɗan sauka da rani, ya ɗan ɗago da damina. Idan akwai darbejiya kusa, kuma Marwa gari ne na darbejiya, saiwoyinta suna ƙara tsotse danshin gefen da take. Idan kuwa bututun ruwa ne ke yoyo, ko salga ce ko indararo ke zuba a gindin bango, gefen nan ne zai yi laushi ko ya kumbura.

Abin da wannan ke nufi ga mai awo shi ne cewa tsagogi da yawa a nan numfashi suke yi: su buɗe a wani lokaci na shekara, su rufe a wani. Wanda ya auna a Nuwamba ya sake aunawa a Afrilu, ya ga ƙari, bai tabbatar da komai ba tukuna.

Kwandalar da za a ɗauka

Kwandalar dala ashirin, wato sefa 100, ita ce ta fi dacewa, amma iri-iri ce a aljihun mutane. Wadda bankin BEAC ya fitar a 2006, mai ƙarfe launi biyu, faɗinta milimita 24 ne. Tsohuwar fara ta kafin nan ta ɗara ta, tana da milimita 25.5. A 2025 kuma bankin ya sake fito da sababbin kuɗin ƙarfe. Wanda ya liƙa tsohuwa ya yi lissafi da 24 ya riga ya yi kuskuren kusan kashi 6 cikin 100 tun kafin ya fara. Don haka a zaɓi kwandala guda wadda bakinta bai cinye ba, a ɗora ta a kan rula a tabbatar da faɗinta, a ajiye ta don wannan aiki kawai. Idan hoton za a tura wa wani ne a Kano ko Maraɗi, a rubuta masa faɗinta da milimita, domin sefar Nijar daban take da ta Kamaru, kuma girman kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Ɗaukar hoton

A share ƙurar wurin da busasshen buroshi a hankali, ba tare da an kankare bakin tsagar ba. A manna kwandalar a jikin bango, dab da tsagar, da ɗan cingam ko salatif da aka naɗe a bayanta. Kada a riƙe ta da yatsu. Dalili kuwa shi ne duk abin da ya fi kusa da kyamara yana fitowa da girma fiye da na bayansa. Idan waya tana santimita 15 daga bango, kwandalar kuma ta ɗago da santimita ɗaya da rabi, za ta fito da ƙarin girman da ya haura kashi 10 cikin 100, lissafi kuma zai nuna tsagar ta fi yadda take ƙanƙanta.

A riƙe wayar tana fuskantar bango sosai, tsagar da kwandalar suna tsakiyar allo, domin gefen hoto yana ɗan miƙe siffar abubuwa. Kwandalar da kanta za ta gaya maka ko ka karkace: idan ta fito da'ira cikakkiya, ka tsaya daidai, idan ta fito kamar ƙwai, ka ɗauka daga gefe. Karkacewar digiri 30 tana rage tsawon abu a wannan ɓangaren da kusan kashi 13 cikin 100. Idan wurin ya matse, babu yadda za a tsaya daidai, to a auna kwandalar ta ɓangaren da ake auna tsagar. Tsagar da ta tashi daga ƙasa zuwa sama faɗinta daga hagu zuwa dama yake, saboda haka kwandalar ma daga hagu zuwa dama za a auna ta.

Haske ma yana ruɗi. Rana ko tocila da ta bugo daga gefe tana jefa inuwa a leɓen tsagar, inuwar kuma ta haɗe da duhun ciki, tsagar ta fito da faɗi fiye da nata. An fi son inuwa mai haske, da safe, kafin rana ta hau bangon. Akwai wani dalili kuma na zaɓen safiya. Siminti yana miƙewa da kimanin milimita 0.01 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Bango mai tsawon mita 5 da zafinsa ya tashi da digiri 20 tsakanin asuba da azahar zai iya miƙewa da kusan milimita 1, kuma wani ɓangare na wannan motsi a bakin tsaga yake bayyana. Awon asuba da na la'asar ba a gwada su da juna.

Abu na ƙarshe shi ne turawa. WhatsApp yana rage girman hoto idan aka tura shi yadda aka saba, siririyar tsaga kuma ita ce farkon abin da ke dusashewa. A tura shi ta `Document`, a kuma ajiye na asali a waya.

Lissafin

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Aikin shi ne a ƙirga ɗigon da kwandala ta cinye da waɗanda tsagar ta cinye, sannan a yi wannan:

```
faɗin tsaga = (ɗigon tsaga ÷ ɗigon kwandala) × faɗin kwandala
```

A kwamfuta, manhajar ImageJ ta kyauta ce, an yi ta ne don awo a hoto. Ana jan layi daga wannan bakin kwandala zuwa wancan, a shiga `Analyze` sannan `Set Scale`, a rubuta faɗin kwandalar, misali 24, a `Known distance`, a rubuta mm a `Unit of length`, daga nan duk layin da aka ja aka danna `Measure` zai fito da milimita. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya buɗa hoton a allon waya har kwandalar da tsagar su cika shi, ya ɗora rula ya auna su biyun ba tare da ya sake taɓa allon ba. Lissafin ɗaya ne, sai dai bai kai na kwamfuta daidaito ba.

Mu ɗauki misali. A ce ɗakin bulo ne, tsagar ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin siminti tana hawa kamar matakala. A hoton, kwandalar mai milimita 24 ta cinye ɗigo 600, wato kowane ɗigo milimita 0.04 ne. Tsagar ta cinye ɗigo 35. Idan aka ninka 35 da 0.04, an sami milimita 1.4.

Amma bakin tsaga ba layi ne mai kaifi ba. Idan aka buɗa hoton sosai za a ga duhun yana shiga haske a hankali, kuma mutum biyu za su iya saɓawa da ɗigo biyu ko uku a kowane gefe. Gaskiyar awon nan ita ce tsagar tana tsakanin milimita 1.2 da 1.6. Wannan ya isa a san ajin da take. A ma'aunin da hukumar binciken gini ta Birtaniya, BRE, ta fitar a takardarta mai lamba 251, wanda injiniyoyi ke amfani da shi ga ƙananan gidajen bulo, tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba matsalar gani ce da cikewa. Daga 5 zuwa 15, ko tsagogi da yawa da suka haura 3, ƙofofi da tagogi sun fara cijewa, ana bukatar birkila ya fasa ya gyara. Daga 15 zuwa 25 sai an sake wani ɓangare na bangon, abin da ya wuce 25 kuwa ginin kansa yana iya zama cikin haɗari. Misalinmu yana ajin ƙasa. Sai dai awon da ke da rauni na milimita 0.2 sama ko ƙasa ba zai iya kama ƙarin da bai kai haka ba, kuma leɓen filasta yana marmashewa da kansa, tsagar ta yi kamar ta buɗe alhali bango bai motsa ba.

Alamu uku a layi ɗaya

Don haka idan ana son sanin ko tana ƙaruwa, a bar auna duhun tsagar, a koma auna tazarar alamun da aka yi a kan lafiyayyen bango. A ɗora rula a gicciye da tsagar, a ja siririn layi da fensir mai tsini wanda ya ratsa ta. A kan layin a yi ƙananan gicciye uku: A da B a gefe ɗaya, C a ɗaya gefen, tazarar kowane biyu kimanin santimita 2. A bangon da ruwa ke duka, ko ginin ƙasa da yaɓensa ke zubewa, a kafa ƙananan ƙusoshi har su kama jikin bulo ko tubali, a riƙa aunawa daga gefen kawunansu.

Hikimar ita ce A da B suna kan dunƙule ɗaya, tazararsu ba ta canjawa. B da C kuwa tsagar ce tsakaninsu. Kwandala za ta gaya mana tazarar A da B sau ɗaya, a ranar farko; daga nan A da B sun zama ma'aunin da ke manne a bango, kuma da yake suna layi ɗaya da C, nisan waya da 'yar karkacewa suna shafar su kusan daidai wa daida.

A misalinmu, a hoton farko na Nuwamba, A zuwa B ɗigo 500 ne, wato milimita 20.0. B zuwa C ɗigo 510, wato 20.4. A Afrilu an sake ɗauka, hannu ya ɗan ja baya, A zuwa B ya fito 460, B zuwa C kuma 483. Wanda ya dubi 510 da 483 kawai zai ce tsagar ta rufe. Amma 483 a raba da 460 yana ba da 1.05, a ninka da 20 ya zama 21.0. Tsagar ta buɗe da milimita 0.6. A kowace rana a ɗauki hoto uku, ana sauke hannu tsakaninsu, a ɗauki matsakaicin sakamakon. Bambancin da bai kai 0.2 ba a ɗauke shi a matsayin rawar awo.

Layin fensir ɗin yana da wani amfani. Idan bayan wata biyu rabinsa na dama ya sauka ƙasa da na hagu, to ɓangarorin biyu ba rabuwa kawai suke yi ba, ɗaya yana nutsewa. A yi irin waɗannan alamu a wuri biyu aƙalla, kusa da saman tsagar da kusa da ƙasanta, a kuma datse ƙarshenta da ɗan layi a rubuta kwanan wata. Tsagar da ta tsallake wannan layi ta ƙaru a tsawo, kuma ido kaɗai ya isa ya ga haka.

Karanta sakamako

A wata na farko a auna kowane mako, domin a kama wadda ke gudu. Idan ta natsu, sau ɗaya a wata ya isa, da ƙarin awo bayan ruwan farko mai ƙarfi. Sannan a gwada wata da takwaransa na shekara mai zuwa.

A ce tsagarmu ta ba da 20.4 a Nuwamba, 21.0 a Afrilu, 20.5 a Agusta, sannan 20.5 a Nuwamba mai zuwa. Ta je ta dawo. Ƙasa ce ke bin rani da damina. Irin wannan ba a cika ta da siminti mai ƙarfi, domin za ta sake tsagewa a wurin ko a gefensa. Gyaranta a gindin bango yake: a kawar da ruwan indararo nesa, a yi daɓen siminti mai gangara a kewaye, a duba bishiyar da ke kusa, sannan a toshe tsagar da abin cikewa mai taushi.

A ce kuma ta ba da 20.4, sai 21.0, sai 20.8 a Agusta, sai 21.1 a Nuwamba, sai 21.7 a Afrilu na biyu. Tana komawa kaɗan, amma kowace shekara tana barin ƙarin milimita 0.7. Wani lokaci ɓarɓashi ne ke faɗawa ciki ya hana ta rufewa, wani lokaci harsashin ne ke sauka a hankali. Hoto ba zai bambance su ba. Nan ne ake kiran injiniya, shi kuma idan ya ga da bukata ya sa a tona gefen harsashi ko a kai ƙasar gwaji a irin su LABOGENIE.

Ta uku ita ce wadda ba ruwanta da lokaci, kowane awo ya ɗara na baya, ko kuma ta buɗe farat ɗaya bayan an haƙa rami a maƙwabta, ko an ɗora bene, ko ruwa ya kwanta a gindin gida. Wannan ba a jira mata shekara.

Tsohuwar dabarar magina ta shafa ɗan siminti ko manna gilashi a kan tsaga tana nan da amfaninta, amma iyakarta ta ce an motsa. Ba ta faɗin nawa, ba ta faɗin wane ɓangare, kuma a ƙasa mai yumɓu kusan kowace shekara sai ta fashe.

Inda kwandala ba ta da ta cewa

Duk abin da aka faɗa a sama na bangon bulo ko tubali ne na gida marar bene. Ginshiƙi da gadar kankare da rufin kankare hukuncinsu daban. A cikinsu ƙa'idojin gini suna fara damuwa tun daga kusan milimita 0.3, domin ta nan ruwa ke kaiwa ga rodi, kuma wannan faɗi yana bakin iyakar abin da hoton waya ke iya aunawa. Tsagar da ta bi tsawon rodi tana fitar da jan tsatsa, ko ta gicciye a jikin gada kusa da inda ta hau ginshiƙi, ko kankaren da ke ɓarewa a ginshiƙi, aikin injiniya ne ko da ba su kai kaurin farce ba.

Haka kuma hoton gaba ba ya nuna zurfi, ba ya nuna ko gefe ɗaya ya turo waje. A shafa yatsa a kan tsagar a ji ko leɓe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, a zagaya a duba ko ta fito ta bayan bangon, a saki igiya mai dutse daga sama a ga ko bangon ya jingina. A ƙwanƙwasa gefenta: idan ta yi ƙarar fanko, mai yiwuwa filasta ce kawai ta saki, kuma alamun da aka yi a kanta ba bango suke aunawa ba. A ginin ƙasa kuwa, gindin da ruwa ya zaizaye ko ya jiƙe ya fi kowace tsaga haɗari, musamman a Agusta.

Hukuncin dai shi ne kwandala da waya sun isa su gaya wa mai gida ajin tsagarsa, alamu uku da littafin rubutu kuma sun isa su nuna ko tana zuwa tana dawowa ne ko tana ci gaba. Wanda ya ga tsaga a bangonsa ya yi alamun tun yau, ya rubuta kwanan wata, kada ya yi saurin shafe ta da siminti da fenti kafin ya san halinta. Idan kuwa bangon ya jingina ko ya yi ciki, ko ƙofa ta cije cikin 'yan kwanaki, ko tsagar ta haura santimita ɗaya da rabi, ko ana jin ƙara, ƙasa na zubowa, a fitar da iyali daga ɗakin a kira injiniya, awo ya biyo baya.